Na miƙe teku a hoto, kusurwoyi sun zama fanko: yaya zan yanke ban taɓa mutane ba?

Salamu alaikum Maigida. Ni mai koyon hoto ne a Nima. Kashegarin Sallah na ɗauki wani iyali a bakin ruwan Labadi, su 11 a jere, teku a bayansu. Da na buɗe a kwamfuta sai na ga tekun ya zube ta dama. Na miƙe shi a Photoshop, kusan digiri 3, amma kusurwoyi huɗu suka zama fanko. In na yanke, kafaɗar Hajiyar da ke ƙarshen hagu da hular Alhajin da ke ƙarshen dama suna tafiya. Hoton fiksel 6000 × 4000 ne, kuma inci 12 × 18 suke so a firam.

Wa alaikumus salam, ƙanena. Hoton zai fita, kuma ina sa ran Hajiya da Alhaji duk su tsira. Akwatin yankan da Photoshop ya ajiye maka da kansa shi ya cuce ka. A tsakiya yake dasa shi kullum, da fasalin hoton na asali, bai san wa ke tsaye a gefe ba, alhali akwai sauran fili da bai taɓa ba. Za mu je wurin filin nan, amma a fara tabbatar da digirin, domin duk rabin digirin da ka ƙara ba dalili, daga jikin mutanen nan za a cire shi.

Ka yi sa'a da teku. Layin da ruwa ya haɗu da sama shi ne ma'aunin da ba ya ƙarya: ko ka ɗaga bakin kyamara sama, ko ka sunkuyar da shi, ko ka juya gabas ko yamma, layin yana nan a kwance. Abu ɗaya ne ke karkatar da shi, wato hannunka ɗaya ya fi ɗaya sauka lokacin da ka danna. Sai dai ka kula da wane layi kake bi. Bakin gaɓa, inda kumfa ke hawa yashi, ba ma'auni ba ne, domin gaɓar tana iya nisa da kai ta gefe ɗaya, ta fito kamar ta hau tudu. Na can nesa ake bi.

Da mutum 11 a jere, ba za ka ga layin gaba ɗaya ba, sai gutsure-gutsure tsakanin kafaɗu da kuma gefe biyu. Kuskuren da masu koyo suka fi yi shi ne su kama gutsure ɗaya da ya fito sarai su ja ma'auni a kansa. In tsawon gutsuren fiksel 300 ne, hannunka ya kauce da fiksel 3 kacal, ka ɓata fiye da rabin digiri. In kuwa ka ja daga gutsuren ƙarshen hagu zuwa na ƙarshen dama, a ce fiksel 5200 tsakaninsu, wannan kaucewar ta fiksel 3 ba ta kai komai ba. Saboda haka ka ɗauki `Ruler Tool`, ka ƙara girman hoton a allo, ka dasa kai ɗaya a hagu, ka ratsa ta kan mutanen, ka dasa ɗaya a dama. Duba sama, za ka ga `W` da `H` da `A`, wato tazarar kwance, tazarar tsaye da digirin layin da ka ja. In `W` ya nuna wajen 5200, `H` wajen 272, to digiri 3 ɗin naka gaskiya ne. In `H` ya tsaya wajen 220, karkatar ba ta kai digiri 2.5 ba, kuma ka riga ka samu rangwame tun ba mu fara yanka ba.

Wani abu da ke rikita awo shi ne gilashin kyamara. Na kusa-kusa masu faɗin gani, kamar 18mm na ƙaramin gilashin da ake sayar da kyamara da shi, suna lanƙwasa layin da ya yi nesa da tsakiyar hoto, ya yi doro. Alamarsa ita ce ka miƙe hagu dama ta ƙi, ka miƙe dama hagu ta ƙi. Juyi ba ya maganin wannan. A `Camera Raw` ko Lightroom ake kunna gyaran gilashi da farko, sannan a auna. Shi ma gyaran yana cin ɗan gefe, shi ya sa ake yin sa kafin yanka.

Tun da ba kullum za ka samu teku ba, bari in ɗan ratse. A tafkin Bosomtwe, ɗaya gaɓar da tsaunukanta ba a kwance suke ba. Can sai ka nemi abu da inuwarsa a cikin ruwa in ruwan ya lafa, domin kan abu da kan inuwarsa suna layi ɗaya a tsaye. A gaban babban masallacin Kanda, in ka ɗaga kyamara don hasumiyoyi su shiga, na hagu za su jingina dama, na dama su jingina hagu. Wanda ya miƙe ɗaya daga ciki ya ƙara kayar da ɗayar. Layin tsaye da ya ratsa tsakiyar hoto shi ake bi. Bishiyar kwakwa da falwayar lantarkin unguwa kuwa, kada ka ba su amana ko kaɗan. Lokacin hunturu ma, in hazo ya sauka, teku da sama sukan narke wuri ɗaya. Ka ƙara duhun hoton na ɗan lokaci har layin ya fito, ka auna, ka mayar da shi yadda yake.

To, a ce digiri 3 ne cif. Da ka juya hoton, shimfiɗar da za ta ɗauke shi duka ta koma kusan 6201 × 4309, ga giɓi huɗu masu tsini. Biyu dogaye ne, suna bin sama da ƙasa, kaurinsu a gindi ya kai fiksel 314. Biyu gajeru ne, suna bin hagu da dama, kaurinsu 209. Dogayen su ne masu tsada, kuma su suke yanke hukuncin girman akwati. In kana son fasalin asali, ga lissafin abin da zai rage, inda a nan `W` ne gefen hoto mai tsawo, `H` gajeren, `A` kuma digirin juyi:

```
s = 1 / (cos A + (W / H) × sin A)
s = 1 / (0.9986 + 1.5 × 0.0523) = 0.928
```

Wato faɗi da tsayi kowanne ya koma kashi 92.8 cikin 100 na da. Hotonka ya zama kusan 5570 × 3713. Daga fiksel miliyan 24 ka sauko miliyan 20.7, kusan kashi 14 cikin 100 ya tafi. Digiri 1 yana cin kashi 5, digiri 2 kusan kashi 10, digiri 5 kuma ya wuce kashi 21. Abin da nake gaya wa yara a shago shi ne, a irin wannan fasali na 3:2, ka ƙiyasta kusan kashi 5 kan kowane digiri na farko-farko. Hoton da ya fi siranta ya fi shan wahala: 16:9 yana rasa kashi 16 a digiri 3, mai murabba'i kuwa bai kai 10 ba.

Amma jimillar ba ita ce damuwarka ba. Damuwarka ita ce inda wuƙar ta bi, domin ba daidai take ci ko'ina ba. Tekunka ya zube dama, don haka ka ɗaga dama ka sauke hagu. Yanzu bakin hoton na sama yana hawa daga hagu zuwa dama, akwatin yanka kuwa a kwance yake. A kusurwar hagu ta sama, akwatin yana taɓa bakin hoto, ba ka rasa komai daga sama ba. Yana tafiya dama yana ƙara nutsewa, kafin ya kai kusurwar dama ya ci fiksel 291 daga sama. Hular Alhaji ke nan. A ƙasa abin ya juya: dama ba ta rasa komai, hagu ta rasa 291, don haka ka duba takalmin Hajiya ma, ba kafaɗarta kaɗai ba. A gefen hagu kuma, akwatin ya shigo ciki da fiksel 122 ta wajen ƙafa, ya kai wajen 316 can sama. Kafaɗar tana inda cin ya yi yawa.

Ka lura da 122 ɗin nan. Akwatin ya matse sama da ƙasa, ba inda zai motsa, amma bai taɓa bakin hagu ba, bai taɓa na dama ba. Akwai fiksel kusan 243 na hoto lafiyayye da aka raba biyu aka zubar, rabi hagu rabi dama, don kawai akwatin ya zauna a tsakiya. Kamar tela ne da aka kawo wa atamfa da aka yanko a karkace: ba dole ya shimfiɗa awonsa a tsakiya ba, yana ja zuwa ɓangaren da zanen da ake so yake.

Ga yadda za ka yi. Koma kan hoton asali, ba wanda ka riga ka juya ka adana ba. Danna `C`, ka cire alamar `Delete Cropped Pixels` don abin da ke wajen akwati kada ya ɓace. Sa fasali 3 da 2 a sama. Danna `Straighten`, ka ja dogon layin nan daga hagu zuwa dama. Da akwatin ya bayyana, kada ka danna `Enter`. Ka matsar har akwatin ya kusanci bakin hagu na hoton. Da maɓallan kibiya ya fi sauƙi, in ka haɗa da `Shift` yana tafiya da sauri. Tun da bakin hoton a karkace yake, tafiyar fiksel 120 zuwa hagu tana buƙatar akwatin ya sauka da fiksel 6 ko 7, in ba haka ba wani siririn giɓi zai leƙo a kusurwar hagu ta sama. In akwatin yana fizgewa yana manne wa gefe, kashe `Snap` a ƙarƙashin `View`. Hajiya ta samu ƙarin fiksel 120, wanda a takardar inci 18 ya kusa santimita ɗaya. Sau da yawa wannan ya ishi kafaɗa da gefen mayafi. Kuɗin abin kuwa dama ce ta biya, domin ta rasa 120 ɗin da hagu ta samu, don haka ka duba hannun rigar Alhaji.

In gefe biyun duk a matse suke, akwai hanya ta biyu da mutane ba su cika sani ba. Ka buɗe kullen fasali, ka rage tsayi kaɗan, ka ja faɗi. A digiri 3, akwati mafi girma da zai shiga ba tare da giɓi ba shi ne kusan 5814 × 3700. Ka ba da fiksel 13 na tsayi, ka karɓi 244 na faɗi, asarar duka ta sauko wajen kashi 10. Ciniki ne mai riba sosai. Matsalarsa ɗaya: ba 3:2 ba ne kuma, ya ɗan fi siranta. In ka kai shi wurin wanki haka ka ce 12 × 18 ba ka yi bayani ba, na'ura za ta cika takarda ta datse gefen da ka sha wahalar cetowa. Sai ka ɗora shi da kanka kan farar shimfiɗa mai 3:2, da farin gefe zagaye. In ka bar rabin inci hagu da dama, hoton zai zama inci 17 a faɗi da wajen 10.8 a tsayi, farin sama da na ƙasa su ɗan ɗara rabin inci. Ido ba ya kama wannan bambancin, kuma hoton iyali da farin gefe a cikin firam kyau yake ƙarawa. Ni wannan hanyar nake fara nuna wa mai hoto.

Saura hula. Matsawa hagu ko dama ba ta yi mata komai, domin ita daga sama ake cin ta. Dole akwatin ya hau, kuma da ya hau giɓi zai buɗe a hagu ta sama. A nan ne ake cika giɓi, amma ɗan kaɗan, kuma a wurin da aka zaɓa. A ce hular tana buƙatar fiksel 80. Ka ɗaga akwatin da 80. Giɓin da zai fito a kusurwar hagu yana da kauri 80 a gindi, yana sirancewa har ya ƙare bayan fiksel kusan 1500. Duk girmansa bai kai rabin kashi ɗaya cikin 100 na hoton ba, kuma abin da ke wurin sararin sama ne tsantsa, in dai kan Hajiya bai kai can ba. Wannan ya sha bamban da barin giɓi huɗun nan duka a ce na'ura ta cika.

Ka tuna ɗaga akwati yana ƙara cin ƙasa da 80 ɗin. In akwai yashi isasshe a gaban ƙafafu, ba komai. In takalmin Hajiya yana bakin layi, to bar ƙasan akwatin inda yake, ka ja samansa kawai. Tsayi ya zama 3793, kuma 3:2 zai nemi faɗi kusan 5690, wanda har yanzu yana cikin filin hagu da daman nan da muka gano. Ka ga a nan akwatin girma ma ya yi, Hajiya ta samu, Alhaji ya samu, giɓi ɗaya tak na sama za ka biya. Zai ɗan fi na farko kauri da 'yan fiksel saboda faɗin da ya ƙaru, ka daidaita shi ya taru a sama, kada ya rabu har kusurwar dama ta ƙasa. In na ga hoton da idona wataƙila nan zan tsaya.

Wajen cikawa, na fi son a yi da hannu maimakon kunna `Content-Aware` a cikin akwatin yanka, domin ka ga abin da ake yi. Bayan ka danna `Enter`, zaɓi giɓin da `Magic Wand`, ka faɗaɗa zaɓin da fiksel 5 zuwa 10 ta `Select > Modify > Expand` don ya hau kan hoton kaɗan, sannan `Edit > Content-Aware Fill`. A tagar da za ta buɗe, wurin da aka shafa wa kore shi ne inda zai ɗebo. Goge koren daga kan mutane da teku, ka bar sama kawai, in ba haka ba za ka tarar da gutsuren ɗankwali yana shawagi a gajimare. Bayan ya gama, ka ƙara girman wurin zuwa 100% ka duba abu uku: ko gajimare ɗaya ya maimaita kansa, ko akwai layin da launi ya canza farat ɗaya, ko wurin ya yi santsi fiye da maƙwabtansa. Kusurwar hoto takan fi tsakiya duhu saboda gilashi, don haka in ya ɗebo daga nesa sai facin ya fi haske.

Sama da busasshen yashi suna karɓar ciko. Igiyar ruwa tana karɓa da ƙyar, sau da yawa sai ka ga kumfa ɗaya sau biyu. Inda layin teku ya ratsa giɓi yakan fito da ɗan tsani, sai an gyara da `Clone Stamp`. Shadda mai aiki, leshi, kente, yatsun hannu da na ƙafa kuwa, kada ka fara. Matar da ta sayi leshinta ta san zanensa fiye da kai.

Akwai dabaru biyu da za a ba ka shawararsu, ka bar su. Ta farko ita ce a kumbura hoton da `Free Transform` har ya rufe giɓin. Don ya rufe a digiri 3 sai ka kai kusan 108%, kuma abin da zai faɗa waje shi ne daidai abin da akwatin tsakiya ya yanke. Hula da kafaɗa sun tafi duk da haka, ka kuma ƙara fiksel na ƙarya a kai. Lambar za ta nuna 6000 × 4000, amma ba ka ceci komai ba. Ta biyu ita ce a ja kusurwa ɗaya da `Skew` ko `Distort` don teku ya kwanta ba tare da juyi ba. Tekun zai kwanta, mutanen kuwa suna nan a jingine yadda suke, fuskokin gefe kuma su ɗan murɗe. Karkatar kyamara ta shafi komai da ke cikin hoton tare, don haka juyi ne kaɗai ke mayar da komai tare.

Za ka iya tambaya ko a miƙe rabi a bar rabi, a ce digiri 2 maimakon 3. A hoton titi ko na cikin gida inda babu dogon layi, nakan yarda da haka in zai ceci mutum. Da teku ban yarda ba. Digiri 1 da ya rage zai sa gefe ɗaya ya fi ɗaya sauka da milimita 8 a takardar inci 18, ga kuma katakon firam a miƙe yana tona asiri. Ko rabin digiri milimita 4 ne. Mai gida ba zai ce maka digiri kaza ba, zai dai riƙa tashi yana gyara firam a bango, hoton ya ƙi zama.

Bayan yanka, a duba kusurwoyi. Bakin hoton da aka juya ba ya yankewa tsaf, yana da wani siririn gezar da ya gauraya da fanko, fiksel ɗaya ko biyu. In akwatinka ya taɓa bakin daidai-wa-daida, a allo ba za ka ga komai ba, a takarda sai ga ɗan farin zare a kusurwa. Ka ƙirƙiri sabon `Layer` a ƙarƙashin hoton, ka cika shi da ja wur, ka zagaya kusurwoyi huɗu a 200%. Duk inda ja ya leƙo, shigo da akwatin ciki da fiksel 2 ko 3. Ka goge jan kafin ka adana.

Game da kyan hoto, juyi yana sa a sake lissafa kowane fiksel daga maƙwabtansa, kuma hakan yana ɗan rage kaifi. Sau ɗaya ba a gani. Abin da ke lalata hoto shi ne a juya 2, a tabbatar, a ƙara 1.5, a tabbatar, a dawo da rabi, kowanne yana hawa kan na baya, musamman in ana adanawa a JPEG tsakani. In awon farko bai yi ba, koma baya ka sake daga asali. In ka mayar da hoton `Smart Object` tun farko, ko ka yi aikin a Lightroom ko `Camera Raw`, gwaji nawa ka yi ba ya taruwa, domin daga asali ake lissafi kowane lokaci. Ƙarin kaifi kuma a ƙarshe ake yin sa, bayan juyi da yanka. A Lightroom ba za ka ga giɓin ba in ka juya a cikin akwatin yanka, domin yana tsuke akwatin da kansa, amma filin hagu da daman yana nan, ka ja hoton ka gani. Na GIMP kuma, `Measure` yana da maɓallin `Straighten`, ka bar `Clipping` a kan `Adjust` don ya nuna maka komai ka yanka da hannunka. `Crop with aspect` shi ne akwatin tsakiyar da muke gudu.

Girman wanki ba ya cikin haɗari. Takardar 12 × 18 a fiksel 300 kan kowane inci tana buƙatar 5400 × 3600, kai kuwa ko a mafi ƙanƙantar akwatinmu kana da 5570 × 3713. In daga baya suka nemi 8 × 10 na wannan hoton, kada ka yanko shi daga wanda ka riga ka yanke. Koma kan juyayyen da ba a datse ba: fasalin 5:4 yana ba ka tsayi kusan 3759 da faɗi 4699. Sai dai mutum 11 a jere ba za su shiga faɗin nan ba, ka gaya musu tun kafin su biya, ko ka sa musu farin gefe sama da ƙasa.

Gaba in za ka ɗauki jeri irin wannan, kunna layukan raga ko ma'aunin kwanciya in kyamararka tana da shi, sannan ka ja baya taku ɗaya ko biyu. Digiri 3 yana cin wajen kashi 7 cikin 100 na tsayi a kusurwa, don haka in ka bar kusan kashi 10 a saman hula mafi tsawo da ƙasan takalmi, da kamar faɗin kafaɗa ɗaya a kowane gefe, juyi ba zai kai ga kowa ba.

Abu na ƙarshe yana wurin masu wanki da mai firam. In hoton zai cika takarda baki da baki, na'ura takan ɗan ƙara masa girma ta datse 'yan milimita zagaye, leɓen firam ma ya rufe wasu 'yan milimita. A takardar inci 12, milimita 5 daidai take da fiksel wajen 60 na hotonka. Don haka kada ka tsaya da zarar hula ta shiga akwati. In tana buƙatar 80, ba ta 150 ko fiye, giɓin sama ya ɗan ƙara girma, ka cika, ka kuma bar wa kafaɗar Hajiya irin wannan sarari. In sararin ya ƙi samuwa, koma kan farin gefe, firam ya ci fari. Fayil ɗin kuma ka kai shi a filashi, ko ka tura ta WhatsApp a matsayin `Document`, domin in ka tura shi a matsayin hoto za a matse shi ya ragu ƙasa da abin da inci 18 ke buƙata. Kafin su danna, ka sa su nuna maka a allonsu inda layin yankan na'ura zai bi.